Gargaɗi: Mai Tarin Mako Biyu, Kaki Zai Kai Asibiti

Jama'a, a saurara. Duk gidan da ake da wani mai tarin da ya kai mako biyu bai lafa ba, musamman idan ana ganin yana ramewa, zazzaɓi yana rufe shi da yamma, ko yana tashi cikin dare rigarsa sharkaf da gumi, to a kai shi asibiti a gwada kakinsa yau, kada a jira gobe. Na ce kaki, wato abin da yake tasowa daga ƙirji idan an yi tari. Kada wanda ya kwantar muku da hankali da cewa an yi masa gwajin fata hannun bai kumbura ba, ko an ɗebi jininsa an ce babu komai. Waɗannan gwaje-gwaje suna da aikinsu, amma ba su isa su wanke mai tari daga tarin fuka ba. Haka kuma mutumin da yake garau, ba tari ba rama, idan gwajin fata ko na jini ya nuna ƙwayar ta taɓa shigarsa, kada a ware masa kwano, kada a fasa aurensa, kada kuma a je kemis a haɗo masa magani. Kurakuran nan guda biyu ne suka sa na ɗauki alƙalami. Na farko yana kai mutane kabari, na biyu yana raba zumunci a banza.

Asalin rikicin shi ne ƙwayar tibi tana zama a jikin ɗan Adam ta hanya biyu, mu kuwa suna ɗaya muke kiransu da shi. Idan mai cutar ya yi tari a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ƙwayoyin suna rataye a iskar na tsawon sa'o'i, na kusa da shi ya shaƙa, su sauka can ƙasan huhu. A jikin yawancin mutane garkuwar jiki takan taso ta yi musu ƙawanya, ta killace su a wani ɗan ƙulli da ido ba ya gani. Ba lallai su mutu ba, amma ba sa yaɗuwa. Ku tuna yadda iyayenmu mata suke rufe garwashi da toka da dare: ba hayaƙi, ba harshen wuta, ka ɗora hannu a sama da ƙyar ka ji ɗumi, amma wutar tana nan. Wannan shi ne tibi kwantacce. Mai shi ba ya tari, ba ya zazzaɓi, hoton ƙirjinsa yawanci fes yake, babu ƙwaya a kakinsa, kuma ba ya shafa wa kowa. Ba mara lafiya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ƙwayar nan, don haka a kowane sahun masallaci da kowace rumfar kasuwa akwai su, su kansu ba su sani ba.

Daga cikin mutum 100 masu kwantacciyar ƙwaya, tsakanin 5 zuwa 10 ne za ta tasar wa a tsawon rayuwarsu, kuma haɗarin ya fi yawa a shekara biyun farko bayan an shaƙa. Abin da yake yaye tokar shi ne raunin garkuwa: cutar ƙanjamau, wadda take ninka haɗarin fiye da sau 10, sai ciwon suga, yunwa da tamowa, shan taba, tsufa, ƙuruciya ta ƙasa da shekara 5, da daɗewa ana shan magungunan da suke danne garkuwa. Idan ƙawanyar ta karye, ƙwayoyin su hayayyafa, su ci naman huhu har su yi kogo, kogon ya buɗe cikin hanyar iska, kowane tari ya riƙa feso su waje. Wannan shi ne tibi tasasshe, shi ne tarin fuka da muka sani, shi ne mai kisa kuma mai yaɗuwa. A Najeriya ana ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ne yake tasar wa a kowace shekara, babu ƙasar Afirka da ta kai mu yawa. (A kula, a wasu wurare ana kiran asma da sunan fuka. Ba ita nake nufi ba, asma ba ta yaɗuwa, maganinta ma daban.)

To, gwajin fata da na jini ba ƙwayar suke nema ba. Tambayar garkuwar jiki suke yi: kin taɓa haɗuwa da wannan abu? Sawun ɓarawo suke dubawa a tsakar gida. Sawu kuwa ba ya gaya maka ko ɓarawon ya tafi tun bara, ko yana kwance a bayan rumbu, ko yanzu haka yana ɗaki yana kwasar kaya. Gwajin kaki shi ne yake cafke ɓarawon da hannu. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya riƙe rabin maganar.

Bari in kawo misalin gida guda, irin gidajen da kowa ya sani a biranenmu, mu bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. A ce maigidan tela ne, yana wuni a shago mai ƙofa ɗaya ba taga, da dare ya kwana ɗaki ɗaya da uwargida da autarsu 'yar shekara 3. Mahaifiyarsa mai ciwon suga tana ɗakin da ke kallon nasu, ƙanensa kuma ya zo daga ƙauye don koyon ɗinki. Wata biyu ke nan maigida yana tari. An fara da cewa sanyi ne, aka koma ƙurar yadi ce, aka sha jiƙe-jiƙe, aka sayi maganin tari na kwalba. Mai kemis ya ba shi sifuro na mako guda, tarin ya ɗan lafa, kowa ya ce an dace, bayan kwana goma ya dawo da ƙarfinsa. A nan ma akwai gargaɗi: sifuro da danginsa suna taɓa ƙwayar tibi kaɗan, su rufe alamun na ɗan lokaci, su jinkirta gano cutar, kuma suna iya koya wa ƙwayar jure wa wani rukunin magani da ake ajiye shi don tibi mai taurin kai. Tarin da ya lafa da sifuro ya dawo, abin zargi ne babba.

Sai wani ya ba shi shawara ya je wani ɗakin gwaji na kuɗi. Aka ɗiga jininsa a ɗan faranti irin na gwajin maleriya, bayan minti 15 aka ce masa ba shi da tibi. Wannan gwaji ku guje shi. Wasu sinadaran garkuwa yake nema a ruwan jini, kuma yana yawan cewa akwai inda babu, ya ce babu inda akwai. Tun shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce a daina amfani da irinsa wajen gano tarin fuka. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya yanke maka hukunci kan tarinka da ɗigon jini cikin mintuna, ya cuce ka, ko da saninsa ko da rashin sani. Da wannan takarda maigida ya koma gida ya ƙara mako uku yana tari a kan 'yarsa.

Ranar da ya ga jini a kakinsa aka kai shi asibitin gwamnati, aka miƙa masa ɗan gwangwanin roba mai murfi. Yadda ake cika gwangwanin nan yana da muhimmanci ƙwarai, domin da yawan sakamakon da yake fitowa babu komai, laifin abin da aka zuba ne. A kuskure baki da ruwa zalla. A fita fili inda iska take kaɗawa, nesa da mutane, ba a banɗaki ko lungun asibiti ba. A ja numfashi mai zurfi, a riƙe kaɗan, a sake, kamar sau uku, sannan a yi tari mai ƙarfi daga can cikin ƙirji, a tofa abin da ya taso, mai kauri da yauƙi, kimanin rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda. Miyau ba kaki ba ne, majinar hanci ma ba kaki ba ce. Wanda kakin ya ƙi taso masa da rana, ya gwada da asuba da zarar ya farka, lokacin ya fi taruwa. A rufe gam, a kai da wuri, kada a bar shi a rana.

Hanya uku ake bi da kakin nan, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Tsohuwar hanya ita ce a shafa shi a gilashi, a rina, a duba da madubin likita, kusan yadda aka riƙa yi tun bayan da Robert Koch ya bayyana ƙwayar a Balin ranar 24 ga Maris, 1882. Tana da arha da sauri, amma sai ƙwayoyin sun kai dubu 5 zuwa dubu 10 a kowace mililita kafin ido ya kama su, don haka takan tsallake kusan rabin masu cutar, musamman yara da masu ƙanjamau. Wanda aka duba masa ta madubi aka ce babu, alhali tarin yana nan, maganarsa ba ta ƙare ba. Hanya ta biyu ita ce na'urar Jin-ekspat, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, yanzu kuma ita da ire-irenta ne gwajin farko da ya kamata a yi wa mai tari. Tana neman ƙwayar halittar cutar ne, tana iya kama ta ko da 'yan ɗaruruwa ne ko ƙasa da haka a mililita, aikin cikin na'urar bai wuce kamar awa biyu ba, kuma a lokaci guda tana faɗa ko ƙwayar tana jin rifamfisin, babban maganin tibi. Ta uku ita ce shuka ƙwayar a ɗakin gwaji a jira ta tsiro. Ita ce mafi tabbas, amma ƙwayar tibi mai nawa ce, sai an yi makonni, wani lokaci har 6 zuwa 8, don haka an fi yin ta idan ana zargin cutar ba ta jin magani.

Takardar maigida ta fito da layi biyu. Na farko `MTB DETECTED`, ma'ana an ga ƙwayar. Na biyu `Rif Resistance NOT DETECTED`, ma'ana rifamfisin zai yi aiki a kanta. Aka ɗora shi a kan maganin wata 6: wata 2 na farko magunguna huɗu a haɗe cikin ƙwaya guda, wata 4 na baya magunguna biyu, kyauta, ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa. Bayan kamar mako biyu yana sha kullum, yaɗa cutar yakan ragu ƙwarai, ƙarfi ya fara dawowa, kuma a nan ne mutane da yawa suke ajiye magani su ce sun warke. Wanda ya yi haka ya kashe maciji bai sare kansa ba. Za a sake karɓar kakinsa a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6, a duba ta madubi. Ba a komawa Jin-ekspat don wannan bibiya, domin ita har gawar ƙwaya tana gani, tana iya ci gaba da cewa akwai bayan magani ya gama da su.

Yanzu sauran mutanen gida, waɗanda su ne aka fi mantawa da su. Kowannensu sai an tambaye shi: akwai tari, zazzaɓi, gumin dare, rama? Uwargida ta ce babu ko ɗaya. Ita ce irin wadda gwajin fata yake da ma'ana a kanta. Sunansa gwajin Mantu, sunan wani likitan Faransa ne, ruwan da ake amfani da shi kuwa asalinsa daga Koch ne, wanda a 1890 ya zaci ya samo maganin cutar, ya tashi bai warkar ba, sai ya zama abin gwaji. Ana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na mililita a tsira shi cikin fatar cikin hannu, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sama-sama, har wurin ya ɗan taso kamar cizon sauro. Babu ƙwaya mai rai a ciki, ba ya sa cuta. Kada a sosa, kada a ɗaure, kada a shafa komai. Sai a dawo bayan awa 48 zuwa 72, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Wanda ya bari kwana biyar suka wuce, ko ya duba da kansa a gida ya ce ai bai ga komai ba, gwajinsa ya tashi a banza.

Ma'aikacin lafiya ba jan fatar yake aunawa ba. Yana shafawa da yatsa ya nemo inda wurin ya yi tauri, ya sa alama a gefe da gefe, ya auna faɗinsa da rula a milimita. Ga yawancin mutane a ƙasashe irin namu, milimita 10 zuwa sama shi ne alamar ƙwayar ta shiga. Ga mai ƙanjamau ko yaron da tamowa ta kama, milimita 5 ma ta isa, saboda jikinsu ba shi da ƙarfin tayar da babban kumburi. A ce na uwargida ya kai 14. Me wannan ya nuna? Ƙwayar ta taɓa shigarta, shi ke nan. Bai ce daga mijinta ta samu ba, wataƙila tun tana yarinya ne. Bai ce tana da tarin fuka ba, kuma girman kumburin ba ma'aunin tsananin cuta ba ne. Abin da ya rage shi ne a ɗauki hoton ƙirjinta in da hali. Idan ya fito fes, ga shi babu alamu, nata kwantacce ne. Ta ci gaba da girkinta, ta ci abinci kwano ɗaya da 'ya'yanta, in tana shayarwa ta ci gaba. Dama tibi ta iska yake bi, ba ta cokali ko musabaha ba.

Akwai mai cewa, ai duk an yi mana allurar Bisiji muna jarirai, ga tabonta a damtse, ita ce take sa hannu kumbura. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ruwan gwajin Mantu ya yi tarayya da allurar a wasu sinadarai, haka ma wasu dangin ƙwayar da suke zaune a ƙasa da ruwa. Amma tasirin allurar da aka yi ranar haihuwa yana dusashewa da shekaru, kuma babban mutum da yake kwana ɗaki ɗaya da mai tarin fuka, hannunsa ya kumbura milimita 14, bai kamata a ɗora wa allurar jarirai laifi a sallame shi ba. Ita allurar ma a san iyakarta: tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar, irin sanƙarau na tibi, amma ba ta hana babba kamuwa da na huhu.

Don kauce wa wannan ruɗani na Bisiji aka ƙirƙiro gwajin jini na gaskiya, wanda likitoci suke kira Igira, kuma shi daban yake da na farantin da aka yaudari maigida da shi. Ana ɗibar jini a 'yan kwalabe, a haɗa shi da wasu sinadarai na ƙwayar tibi waɗanda babu su a allurar Bisiji, a ajiye a ɗumin jikin mutum na awa 16 zuwa 24. Idan fararen ƙwayoyin jinin sun san tibi, sai su saki wani sinadari, a auna yawansa. Zuwa ɗaya ake yi, babu dawowa a duba hannu, kuma tabon damtse ba ya rikita shi. Sai dai yana da tsada, sai manyan ɗakunan gwaji, kuma jinin yana buƙatar isa wurin aiki cikin sa'o'i, in ya daɗe a hanya ko ya sha zafi sakamakon yakan fito ba eh ba a'a, sai an sake. Ga abin da nake so masu kuɗi da masu neman takardar lafiya don aiki ko karatu su ji da kyau: tsadarsa ba ta sa ya amsa wata tambaya daban ba. Shi ma sawu yake gani. Ba ya bambance kwantacce da tasasshe, ba ya faɗin wanda cutar za ta tasar wa gobe, kuma shi da na fata sukan ci gaba da nuna alama shekaru bayan mutum ya sha magani ya gama. Kada wanda ya kammala magani ya koma yana maimaita su don ya ga ko ya warke.

Mu koma ga tsohuwa, domin a kanta ne haɗarin yake. An yi mata gwajin fata tare da surukarta, bayan kwana uku hannunta sumul, ko milimita ɗaya babu. 'Ya'yanta suka yi hamdala. Amma da aka matsa da tambaya sai ta ce ai tarin tsufa ne take ɗan yi da asuba, zanenta kuma ya fara yi mata yawa, abinci ba ya mata daɗi. Gwajin fata da na jini duka da ƙarfin garkuwa suke aiki. Jikin da tsufa, suga, yunwa, ƙanjamau ko ƙyanda ta kwanan nan suka raunana, ko wanda tibin kansa ya riga ya ci ƙarfinsa, yana iya yin shiru ko da ƙwayar ta cika huhu. Ma'ana, wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne gwajin ya fi saurin tsallakewa. Da aka karɓi kakin tsohuwa aka sa a na'ura, sai ga ƙwayar. Da an tsaya ga sumul ɗin hannunta, da an bar ta tana narkewa a ɗaki ana cewa shekaru ne. Wannan shi ne dalilin da na buɗe da shi: mai alamu, kaki da hoton ƙirji, ko me fata da jini suka ce.

Ƙanen maigida shi ma hannunsa bai kumbura ba, kuma lafiyarsa ƙalau. Nasa dalilin daban ne. Jiki yana ɗaukar mako 2 zuwa 8, wani lokaci fiye, kafin ya koyi gane ƙwayar, shi kuwa mako uku kacal ya yi a gidan. Idan za a dogara da gwaji a kansa, sai an sake bayan mako 8 daga ranar da ya daina shaƙar iskar mai yaɗawa.

Ita kuwa auta, ba a jiran wani gwajin fata ko jini a kanta. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da yake gida ɗaya da mai tarin fuka na huhu, cutar tana iya tasar masa cikin 'yan watanni, ta haura ƙwaƙwalwa ko ta bazu ko'ina. Idan an duba ta an ga tana wasanta, tana cin abinci, nauyinta yana hawa, babu tari babu zazzaɓi, a fara mata maganin rigakafi nan take. Haka ƙa'idar take ga mai ƙanjamau. Idan kuwa ta yi laushi, nauyi ya tsaya, zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ko kaluluwa ta fito mata a wuya ba ta baje ba, to bincike za a yi na cutar da ta tashi. Ƙananan yara ba su iya fitar da kaki ba, haɗiye shi suke yi, shi ya sa yanzu ake karɓar kashinsu a sa a na'urar Jin-ekspat. Ko shi ma ya fito babu, likita yana iya yanke hukunci da hoton ƙirji da alamu da tarihin gidan, domin ƙwayoyin yara kaɗan ne. Haka kuma tibin da ya kama ƙashin baya har ya fara lanƙwasa shi, ko kaluluwar wuya, ko ciki, ba lallai ya bayyana a kaki ba, daga wurin da abin yake ake ɗibar abin gwaji.

Maganin rigakafin da za a ba uwargida da auta ya fi na maigida sauƙi: ko isoniyazid kullum na wata 6, ko shi da rifamfisin kullum na wata 3, ko shi da rifafentin sau ɗaya a mako har mako 12, gwargwadon shekaru da abin da asibitin yake da shi. Inda babu gwajin fata ko na jini ma, ana iya ba mutanen gidan bayan an tabbatar cutar ba ta tasar musu ba. Wannan tabbatarwa ita ce sharaɗin da ba a tsallakewa, ga kuma dalili. Mai kwantacciyar ƙwaya 'yan kaɗan ne a jikinsa, magani ɗaya ko biyu ya ishe su. Mai tasasshiya kuwa miliyoyi ne a kogon huhunsa, kuma a cikin miliyoyin nan ba a rasa 'yan tsiraru da aka halitta ba sa jin wani magani guda. Ka ba shi magani ɗaya, ka kashe masu ji, ka bar wa marasa ji fili su cika huhun. Da an ba tsohuwa maganin rigakafi irin na surukarta, da hannunmu mun ƙera mata tibi mai taurin kai. Saboda haka kada wanda ya ɗebi maganin wani ya sha, kada maigida ya raba nasa da matarsa don tausayi, kada a saya a kemis.

Wanda aka ɗora a kan rifamfisin ko rifafentin zai ga fitsarinsa ya koma ja-ja kamar ruwan lemo, har gumi da hawaye. Wannan ba komai ba ne, launin maganin ne. Matar da take shan ƙwayar tazarar haihuwa ko take da ashanar hannu ta faɗa wa ma'aikatan, domin magungunan nan suna rage musu ƙarfi. Abin da ba a wasa da shi shi ne idanu su yi ɗorawa irin na ciwon shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo a gefen dama na ciki: a dakatar da sha, a koma asibiti a ranar, hanta ce take kuka.

Abu na ƙarshe da ya hana ni barci shi ne, tsakanin kwantacce da tasasshe babu katanga mai tsayi. Binciken da aka yi gida-gida a ƙasashen Afirka da Asiya ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu da ƙwayar a kakinsu ba su kawo kukan tari ba, hoton ƙirji ne ya tona su. Don haka wanda ya zauna ɗaki ɗaya, shago ɗaya, makarantar allo ɗaya ko ɗakin kurkuku ɗaya da mai tarin fuka, ya je a duba shi ko yana jin kansa garau, in an samu hoton ƙirji ya yi, kuma ya sa ido a kan jikinsa har shekara biyu. Kafin nan a buɗe tagogi, a ɗage labule rana ta shiga, mai tari ya rufe bakinsa da hankici ko takunkumi, ya kwana shi kaɗai in da hali a makonnin farko na magani, a nisanta jarirai da ɗakinsa. Cibiyoyin tibi suna nan a manyan asibitocin gwamnati da ƙananan asibitocin unguwa da yawa, a Kano akwai Asibitin Zana, a Zariya akwai cibiyar Saye, gwajin kaki da magani kyauta ne. Wanda yake Najeriya bai san ta kusa da shi ba, ya kira 3340 a waya. Idan za ku tafi, ku tafi da duk mutanen ɗakin, har da yaran.